Yatsan Ustaz Nazmi a Kan Takardar Fiziks

A makarantar sakandaren 'yan mata da na koyar a garin Mallawi, takardar tambayoyin fiziks ba ta zuwa wurin mai injin kwafi sai ta bi ta hannun Ustaz Nazmi Girgis. Ba dokar shugabar makaranta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa shi. Haka na zo na tarar, haka kuma muka yi ta yi har kawunanmu suka yi furfura. Ka rubuta tambayoyinka na ƙarfi da motsi, ka warware su a bayan takardar, ka jera amsoshi a ƙasa don yara su gwada da nasu, sannan ka ajiye masa a teburinsa ka koma gefe kana jiran hukunci.

Siriri ne dogo, kwat ɗinsa kullum da ƙurar alli a gwiwar hannu. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne a kasuwa, kuma ina jin daga can ya kwaso halin nan na rashin yarda da lamba sai ya juya ta ya ga bayanta. Ba ya fara karanta aikinka daga sama. Ƙasa yake zuwa ya dubi amsar, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya tambayi kansa ko abin nan zai iya faruwa a duniya. Sai bayan nan ya hau duba ƙa'idar da ka yi amfani da ita, da ma'aunin da ka rubuta, da tsawon lambar da ka bari a bayan ɗigo.

Takardata ta farko ban manta da ita ba. Na sa ƙarfin niyuton hamsin yana tura akwati mai kilo bakwai, na raba hamsin gida bakwai, na kwafe duk abin da kalkuleta ta ba ni: 7.142857. Ina alfahari da kaina. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashinsa, ya kira ni Abla, yadda ake kiran malamai mata a garinmu.

"Abla Ihsan, akwatin nan da wane sikeli kika auna shi?"

"Tambaya ce kawai, Ustaz, ba akwatin gaske ba ne."

"To ko na ƙarya ne, kilo bakwai kika ce, irin awon mai albasa. Yaya aka yi amsar ta fito da awon mai sayar da zinariya? Rubuta 7.1 ki bar 'ya'yan mutane su huta. Wannan doguwar wutsiyar fa, ina za ki kai ta?"

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, don a gaban mutane ya faɗa. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba, na ce masa ai wutsiyar ba a kansa take ba. Ya yi dariya har da buga tebur, ya tura mini rabin biredinsa da wake. Daga nan muka zama abokan faɗa, kuma ban taɓa samun abokin aiki kamarsa ba.

Bai da wani abin nuna wa duniya. Bai rubuta littafi ba, bai je Kuwait koyarwa ba lokacin da kowa ke tafiya, bai buɗe darasin gida mai tara yara ba. Gidan haya ne a hawa na uku bayan cocin unguwarsu, da matarsa Nargis, da ɗansu ɗaya Fadi wanda ya girma ya tafi aiki Iskandariya. Abin da yake tinƙaho da shi guda ne, kuma yana faɗa ba kunya: tun da ya fara duba takardu, kuskure bai taɓa wucewa ta hannunsa ya isa ga yara ba. Yakan ce malami in ya yi kuskure a allo, zai goge ya ba da haƙuri, amma kuskuren da aka buga a takarda gida yake bin yarinya, kuma yarinya ta fi yarda da takarda a kan kanta.

Ko da ya yi ritaya ba mu daina ba. A leda muke aika masa, ya dawo da su cike da zagi a gefe. Ustaz Tal'at, wanda ya gaji kujerarsa, mutum mai kirki da saurin hawaye, ya taɓa rubuta cewa ƙarfin da ke jan buhu zuwa ƙasa kilo hamsin ne. Takardar ta dawo da rubutu: "Kilo na mai shago ne. Mu niyuton muke sayarwa, ɗari huɗu da casa'in. Gaishe da yara." Tal'at ya manna ta a jikin kabad ɗinsa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi wata safiya yana aske gemu. Ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, sunan matarsa. In ruwa yake so, Nargis. In ciwo yake ji, Nargis. Likita ya ce mai yiwuwa yana gane abin da ake faɗa, mai yiwuwa kuma ba ya ganewa, irin maganar da ba ta ƙara wa kowa komai. Aka dawo da shi gida aka kwantar a ɗakin da ke kallon titi.

Abin da ya fi ba ni takaici masu zuwa dubiya ne. Su tsaya a kansa suna magana da ƙarfi kamar kurma, ko su yi ta hirarsa da matarsa kamar ba ya ɗakin. "Ya ci abinci kuwa? Allah sarki, kamar jariri." Mutumin da ya koyar da rabin matan garin! Shi kuwa ya juya fuska bango, ya daina karɓar abinci sai an yi da gaske. Nargis ta rame ta fi shi. Ta ce mini a kicin, "Ihsan, ba ciwon ne zai kashe Abu Fadi ba. Gani yake ba shi da sauran amfani."

Wata ranar Alhamis na biya daga makaranta da jakata. Yana kwance ya ba mu baya, Nargis ta shiga dafa shayi, ni kuma don kada in zauna ina kallon ƙeyarsa na ciro takardar da zan kai kwafi ina dubawa. Tambayar akwati ce mai kilo ashirin, ana jansa da niyuton ɗari, gogayyar ƙasa tana riƙe shi da niyuton arba'in. A cire arba'in daga ɗari, saura sittin, a raba gida ashirin, ƙaruwar gudunsa uku. Ina karantawa a hankali, ashe ƙarar takardar ta sa ya juyo. Sai na ga hannun hagunsa ya miƙo.

Na ba shi. Ya ɗora ta a ƙirji, idonsa ya sauka ƙasa wurin amsoshi kamar yadda ya saba. Can sai yatsansa ya sauka a wuri ɗaya ya ƙwanƙwasa. Na leƙa na ce, "Uku ne mana, Ustaz. Sittin a raba ashirin." Ya ƙara ƙwanƙwasawa da ƙarfi, ba a kan ukun ba, a gefensa. Na rubuta m/s, ma'aunin gudu, na manta ɗan ƙaramin biyun nan da ake ɗorawa a sama, wanda ke mayar da shi m/s², ma'aunin ƙaruwar gudu.

"Kai, wannan mutum!" na ce. "Kana kwance ma ba za ka bar ni in sha ruwa ba?"

Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga. Nargis na tsaye a ƙofa da tire, ta ajiye shi a ƙasa ta fashe da kuka. A ranar ya shanye kwanon miyar mulukiyya, wato miyar lalo, har ya nemi ƙari.

Daga nan takardu suka koma bin tsohuwar hanyarsu. Duk Alhamis ni da Tal'at mukan hau benen nan da abin da muka rubuta a makon. Nargis ta yi masa aski, ta sa masa riga mai kwala, ta jingina shi da matasai. Ba ya iya rubutu, sai dai ya nuna, mu kuma mu yi ta laluben abin da yake nufi har mu gano, yana hararar mu saboda jinkirinmu. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya yarda mai gashin ƙashi ya riƙa motsa masa ƙafa.

Matsalar ita ce shi ya koya mana aikin, kuma ya koya mana da kyau. Kuskurenmu ba shi da yawa. Sai a yi mako biyu, uku, ya duba takardu daga ƙasa har sama bai sami komai ba, ya miƙo mana su, ya juya bango. Irin wannan ranar ba ya cin abincin rana. Nargis ta lura kafin kowa, kuma mace ce da ke kallon mijinta yana zamewa daga hannunta. Ba ta zo wurina ba, don ta san bakina. Tal'at ta tare a matakala ta roƙe shi ya riƙa sa ɗan kuskure da gangan. Ban ga laifinta ba har yau. Tal'at ma ban ga laifin zuciyarsa ba, hannunsa ne bai iya ƙarya ba.

Ni dai na ga takardun Tal'at sun fara yawan tuntuɓe, har ina tsokanarsa ko sabon aure zai yi. Ustaz Nazmi kuwa sai walwala, yana kama kuskure yana kallona kamar ya ce kin ga yaron naku. An ɗauki watanni a haka.

Ranar da abin ya fashe, tambayar mota ce. Mota mai kilo dubu da ɗari biyu tana gudun kilomita saba'in da biyu a awa, direba ya taka birki ta tsaya cikin sakan biyar, a nemo ƙarfin birkin. Aikin a bayyane yake: saba'in da biyu a awa daidai yake da mita ashirin a sakan, a raba da biyar a sami huɗu, a ninka da kilon motar a sami niyuton dubu huɗu da ɗari takwas. Tal'at ya rubuta a layin farko cewa mita ashirin da biyar ne a sakan. Yatsan Ustaz ya sauka a kai nan take.

"Kash, ka kama ni kuma!" in ji Tal'at, yana dafa goshi. "Wallahi tsufa ne, Ustaz."

Amma yatsan bai ɗaga ba. Ya gangara layi na biyu, inda aka rubuta huɗu. Ya gangara ƙasa, inda aka rubuta dubu huɗu da ɗari takwas. Ya koma sama kan ashirin da biyar. Ya sake gangarowa. Ina kallo, sai na gane abin da ya gani. Wanda ya yi kuskuren gaske ya ɗauka ashirin da biyar ne, biyar zai samu a layi na biyu, amsarsa kuma dubu shida. Kuskuren gaske yana bin aiki har ƙasa. Wannan kuwa yana zaune shi kaɗai a layinsa, komai na ƙarƙashinsa daidai. Tal'at ya warware tambayar lafiya lau, sannan ya koma ya ɓata lamba ɗaya, don malamin da ke cikinsa bai iya barin amsar ƙarya a ƙasan takarda ba.

Ustaz Nazmi ya ɗago ya dubi Tal'at. Ya dubi matarsa. Ta sunkuyar da kai, wannan kuwa ya ishe shi amsa. Sannan ya dube ni, kallon da har yanzu in na tuna nakan ji zafinsa.

"Ban sani ba," na ce. "Na rantse da Allah ban sani ba, Abu Fadi."

Ya saki takardar ta zame ƙasa. Bai yi fushi irin na jifa da kaya ba, da ma hakan ya yi. A hankali ya ce, "Nargis," kuma ban taɓa jin an kira sunan mutum da baƙin ciki haka ba.

A matakala na wanke Tal'at tas, yana kuka ina faɗa. Ya ce, "To me zan yi, Abla? Matar nan hannuna ta kama." Na ce da ya zo wurina, da ko ƙaryar ce mun yi ta da kyau. Ya daina zuwa, kunya ta hana shi.

Ni ban daina ba. Duk Alhamis ina hawa da takardata. Yakan karɓa don ladabi, ya dube ta, ya miƙo mini. Abinci ya koma sai da lallashi. Nakan yi masa tsiya in ce, "Duba da kyau, malam, ba kyauta nake hawa benen nan ba," amma rabin bakin nan bai ƙara ɗagawa ba.

Ana gab da jarrabawar tsakiyar shekara na kawo masa wata takarda da na rubuta a gurguje, ga mahaifiyata ba lafiya, ga aji uku a kaina. A cikinta akwai dutse da aka saki daga saman gini, ya ɗauki sakan biyu kafin ya taɓa ƙasa, a nemo tsawon ginin. Na ga idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya, ya hau sama, ya sake tsayawa. Yatsansa ya ɗan motsa a kan bargo. Sannan ya dube ni ya daɗe, ya miƙo mini takardar.

"Babu komai?" na tambaya.

Ya rufe ido.

Na kai kwafi, aka raba wa aji uku su yi a gida. Ranar da suka dawo da ita, wata yarinya mai suna Rauda ta ɗaga hannu tana rawar murya. Ta ce ita ta yi ta samun 19.6, amma amsar ƙasan takarda 39.2 ce, har ta goge nata ta cire rabin da ke cikin ƙa'idar don ya yi daidai, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Na juya allo na rubuta. Tsawon faɗuwa rabin 9.8 ne a ninka da sakan biyu sau biyu, wato huɗu. Rabin 9.8 shi ne 4.9, sau huɗu 19.6. Na manta rabin tun a layin farko, ya bi ni har ƙasa, na ninka wa gini tsawonsa. Na karɓi takardun ina dubawa. Kusan duk wadda ta iya aikin ta samu daidai da farko, sannan ta goge ta bi tawa.

Na ba yaran haƙuri, muka gyara. Amma zuciyata tana gidan Ustaz. Ya gani, na tabbata ya gani. Ya ɗauka na koyi darasi daga Tal'at ne, na shuka kuskuren da ke bin aiki har ƙasa don in yaudare shi da kyau, shi ya sa ya ƙi taɓawa. Sai wani farin ciki ya kama ni, don ga hujja a hannuna. Zan nuna masa cewa kuskurena na gaske ne, kuma ina bukatarsa da gaske. Ban jira Alhamis ba, ana tashi na kwashi takardun na nufi gidan.

Na shiga ina haki na zube su a kan bargonsa.

"Ga aikinka nan! Ka ga kuskure ka yi shiru, ka bar ni na sha kunya a gaban yara. Ka ɗauka wasa nake yi da kai? Ni na yi kama da mai lokacin wasa? Duba, rubutun yara ne, ba nawa ba."

Ya jawo ta farko da hannun hagu. Ya kai ta kusa da fuska. Wurin da yarinyar ta goge ya yi baƙi, ana iya hango 19.6 a ƙarƙashin 39.2. Ya ajiye ya ɗauki ta biyu. Haka. Ta uku, yarinyar ta goge har takardar ta huje. Ina tsaye ina jiran rabin murmushin nan, ina jiran ya harare ni. Bai dube ni ba sam. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, yana shafa wurin gogewar da babban yatsa, numfashinsa yana nauyi. Nargis ta ce, "Ya isa haka, Abu Fadi, kawo in ajiye," ya riƙe gam.

Sai a lokacin na fahimci abin da na kawo masa. Ni hujjar cewa ana bukatarsa na gani. Shi kuwa yara ya gani, sun sami gaskiya da hannunsu sun goge ta, saboda takardar da ta bi ta hannunsa, kuma ya ga kuskuren ya ƙyale.

"Nawa ne, Ustaz," na ce. "Ni na manta rabin. Kuma mun gyara, duk sun gane, wallahi babu abin da ya ɓaci."

Ya girgiza kai. Ya ɗora yatsa a kan 39.2 ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Sannan ya ɗaga yatsan ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Na zauna a bakin gadon na yi ta magana, ban san ma me nake faɗa ba. Bai saki takardun ba har na tafi, kuma ban iya cewa ya ba ni ba, sai na ce wa yaran sun ɓace. Kafin azuminsu na Ista ya ƙare ciwon ya sake bugunsa, bai tashi ba. A wurin zaman makoki Nargis ta gaya mini cewa tun daga ranar kullum sai ya sa ta ɗora masa su a ƙirji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk inda yarinya ta goge amsarta ya ja layi da fensir a ƙarƙashin ta farkon, da hannun hagunsa. Ta ce saura kaɗan ya gama.